Yadda ake shirya zuwa kallon namun daji a Yankari: wane wata, wane lokaci, kuma me zaka iya gani

Mutane da yawa suna zuwa Yankari su dawo suna cewa wai babu komai a dajin, sai birai da mugun dawa suka gani, giwa kam ko sawunta basu gani ba, an cinye musu kuɗi kawai. To idan ka zauna ka tambayi mutum wane wata yaje kuma ƙarfe nawa ya shiga dajin sai kaji yace maka ai cikin watan Agusta ne lokacin hutun yara, sun taso daga gida da safe sun isa wajen azahar, suka shiga mota aka zaga dasu awa ɗaya cikin rana tsaka suka yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki suka juyo gida kafin magariba. Wallahi wanda yayi wannan tsarin ko dajin cike yake da giwaye da wuya ya gansu, saboda ya zaɓi watan da yafi kowanne wahalar ganin dabba, ya kuma shiga a lokacin da duk wata dabba ta shige inuwa ta kwanta. Shirin wannan tafiya gaba ɗaya akan ruwa da zafin rana yake tafiya, idan ka gane inda dabba take shan ruwa da lokacin da take fitowa to ka gama rabin aikin.

Ka fara sanin wurin tukuna. Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 sannan ya dawo hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Abinda nake so ka riƙe a cikin waɗannan shine faɗin. Daji ne mai girma sosai kuma babu shinge, ba gidan zu bane da zaka je gaban keji ka tsaya a nuna maka zaki, dabbobin nan suna yawonsu ne inda suka ga dama kuma hanyoyin da mota take bi ɗan yanki ne kaɗan na dajin. Kogin Gaji shine ya ratsa ta tsakiya, kuma shine baya ƙafewa da rani, to wannan kogin da fadamun gefensa sune sirrin komai.

Mataki na farko: zaɓar wata

Damina a wannan yanki tana farawa wajen watan Mayu ta kai Satumba ko ta ɗan taɓa Oktoba. A wannan lokacin daji yana da kyaun gani, ko ina kore shar, amma ga mai son ganin dabba shine lokaci mafi muni, kuma dalilan guda uku ne da suke haɗuwa. Ruwa yana ko ina, kowane kwari da kududdufi ya cika, dan haka giwa ko ɓauna bata da dalilin sauka kogin Gaji, sai su watsu cikin daji wasu giwayen har fita suke yi wajen iyaka suna shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Ga ciyawa, gamba tana tashi ta fi tsayin mutum, zaka iya wuce garken ɓauna a taku ashirin baka san suna wurin ba. Sannan hanyoyin cikin dajin na ƙasa ne, idan ruwa ya sauka wasu basa biyuwa sam, direba dole ya tsaya a ɗan inda mota zata iya.

Oktoba da Nuwamba ruwa ya ɗauke amma ciyawa tana nan tsaye kuma kududdufai basu gama ƙafewa ba, to sauƙin kaɗan ne. Daga Disamba abubuwa suke fara gyaruwa, ciyawa ta bushe an ƙone wasu wuraren, bishiyoyi sun fara zubar da ganye, ido yana iya shiga cikin daji sosai. Disamba da Janairu sunfi daɗin zama saboda sanyin hunturu, sauro ya ragu, yara da tsofaffi basa wahala, sai dai hazo yana rage hangen nesa kuma hoto yana fita fari fari kamar an shafa toka. Ganin dabba a wannan lokacin madaidaici ne, ba laifi.

Amma in dai maganar ganin dabba ake yi tsakani da Allah to daga Fabrairu zuwa Afrilu ne. Lokacin duk wani ƙaramin ruwa ya ƙafe, ba inda ya rage sai Gaji da 'yan maɓuɓɓugai, kuma giwa babba tana shan ruwa fiye da lita 100 a rana, ɓauna ma kusan kullum sai ta sha, gwambaza kuwa dama bata nisa da ruwa. Ƙishirwa ce take tattaro maka su wuri guda. Kuɗin da zaka biya akan haka shine zafi, domin Maris da Afrilu rana tana iya kaiwa digiri 40, wanda bai saba ba zai jigata. Ni a ganina idan da iyali zaka je ka nufi tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, zafi bai kai maƙura ba kuma daji ya riga ya buɗe. Idan ku matasa ne masu jure rana kuma giwa kuke nema ido rufe to ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, domin da zarar anyi ruwa biyu uku masu ƙarfi dabbobin sun fara watsewa kenan.

Sai ka duba kalanda kuma. Hutun Kirsimeti da sabuwar shekara da ranakun Sallah wurin yana cika da mutane, ɗaki yana wuya, motocin shiga daji ana layi, hayaniya tana yawa kuma dabba bata son hayaniya. In kana da hali ka zaɓi tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis. Sannan a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, to ka lissafa da kyau, yawon daji cikin zafin bazara da azumi a baki ba ƙaramin aiki bane, gara ka sa tafiyar kafin watan ko bayan Sallah da kwana kaɗan idan jama'a sun watse.

Mataki na biyu: ka yanke cewa zaka kwana

Wannan shine inda mafi yawan mutane suke faɗuwa. Daga garin Bauchi zaka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya ka nufi babbar ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin dajin kafin ka isa sansanin Wikki inda masauki yake, gaba ɗaya daga Bauchi kana maganar sama da kilomita 100 ne, ka ware masa awa biyu. Kaga wanda ya kwana a Bauchi ko Gombe ko Jos yace zai taso da safe yayi sammakon daji ai ya makara tun kafin ya fito, lokacin da zai isa Wikki ya biya kuɗi ya nemi mota rana ta riga ta take.

Ganin dabba a daji rabo ne, kuma kowace fita kamar jefa ƙugiya ce a ruwa, wanda ya jefa sau huɗu yafi wanda ya jefa sau ɗaya damar kamawa. Kwana ɗaya zai baka fita biyu, yamma da safe. Kwana biyu zai baka fita uku ko huɗu, kuma wannan shine mafi ƙarancin da zan ba mutum shawara idan da gaske giwa yake son gani. Akwai wani amfanin kuma, idan ka kwana kana tare da masu gadin dajin da direbobi, labari yana zuwa maka, wane ya ga garken giwa jiya da yamma a wuri kaza, an ji kukan zaki da daddare ta gefe kaza, da wannan labarin ake tsara fitar gobe. Baƙon yini ɗaya baya samun wannan.

Kafin ka taso ka nemi lambar ofishin wurin ka kira da kanka, kar ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka shekara biyu baya domin komai yana canzawa. Ka tambayi kuɗin shiga na babba da na yaro, kuɗin shiga da mota, kuɗin ɗaki kala kala, kuɗin motar zagayen daji kuma shin na mutum ɗaya ɗaya ne ko na mota sukutum, kuɗin ɗan rakiya, ko ana biyan wani abu akan kyamara, awa nawa ake bada wuta a rana, akwai abinci ko sai kun taho da naku, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da yamma. Sai tambayar da tafi duka, ƙarfe nawa mota ta farko take fita da safe kuma zasu yarda su fita daku da wuri idan kun ɗauki motar ku kaɗai. Ka tambayi halin tsaro shima a satin da zaka tafi, domin an sha samun labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan yankin Alkaleri, ka ji daga bakin ma'aikatan wurin da mutanen Bauchi da ka yarda dasu, kuma duk yadda aka ce lafiya lau ne kar kayi tafiyar dare akan hanyar.

Mataki na uku: lokacin fita a cikin yini

Dabbar daji tana tsara yininta ne akan gudun zafi. A watan Fabrairu da Maris rana tana fitowa wajen ƙarfe shida da rabi, to daga wannan lokacin zuwa wajen tara shine zinaren yini gaba ɗaya. Gwanki da kanki da mazo suna fili suna kiwo tunda iska da sanyi, ɓauna basu gama komawa cikin duhuwa ba, tsuntsaye suna ta kai kawo, sawun duk abinda ya ratsa hanya da daddare yana nan sabo akan yashi mota bata taka ba, kuma idan Allah ya nufe ka da ganin zaki ko kura to a wannan ɗan tsakanin ne, suna komawa makwanci bayan yawon dare. Dan haka tsarin shine kayi sallar asuba, ka sha shayi a tsaye, ƙarfe shida da kwata kana jikin mota. Karin kumallo na sosai ya jira sai an dawo. Idan ma'aikata sun ce motar farko sai bakwai ko bakwai da rabi to ka roƙi alfarma tun daren a fita da wuri, rabin awa a wannan lokacin yafi awa biyu na hantsi.

Daga goma na safe zuwa uku na rana ka haƙura da zagaye. Yawancin dabbobi sun shige ƙarƙashin bishiyoyi sun tsaya cik ko sun kwanta, kalar jikinsu ta saje da inuwa, zaka ƙone mai ka ƙone kanka a banza. Wannan shine lokacin wanka a Wikki, ruwa ne mai ɗumi da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai garai har kana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana rani da damina. Ko ka shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin, ko kayi barci. Abu ɗaya ne ya saɓa wannan doka, giwa a tsananin bazara tana iya sauka ruwa da rana tsaka ta sha tayi wanka ta shafa taɓo, to idan labari yazo cewa garke yana bakin kogi kusa kar ka ce ai ba lokaci bane, ka tashi kawai.

Fitar yamma kuma ka fara ta wajen uku da rabi zuwa huɗu, bayan la'asar kenan daidai, ka kai har rana ta kusa faɗuwa wajen shida da rabi. Awar farko sau da yawa shiru ce domin ƙasa bata huce ba, kar ka karaya, awar ƙarshe ce ake jira lokacin da dabbobi suke gangarowa shan ruwa. A fitar yamma shawarata kar ku yi ta gudu daga nan zuwa can, ku sami wuri mai kallon fadama ko mashaya direba ya kashe inji ku zauna shiru minti ashirin ko talatin. Mutane basa son wannan, gani suke kamar an biya kuɗin mota kuma an tsaya, alhali mai zama shiru a bakin ruwa yafi mai zagaye ganin abu, saboda ƙarar inji tana korar dabba tun kafin ka hango ta. Dorina tana wuni cikin ruwa sai ido da kunne da hanci, da dare take fitowa kiwo, dan haka gab da magariba ne take fara motsi. Kada kuma da hantsi ake ganinsa kwance a bakin ruwa yana shan rana, musamman lokacin sanyi.

Mataki na huɗu: kaya da hali a cikin mota

Maganar tufafi ba ado bane. Farar shadda da kaya masu walƙiya ana hango su daga nesa, baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna jawo ƙudan tsando, akwai shi a wuraren duhuwar bakin kogi kuma cizonsa da zafi har ta cikin riga mara kauri. Ka sa kalar ƙasa ƙasa ko toka toka ko koren da ya koɗe, dogon hannu da dogon wando, takalmi rufaffe, hula. Mata ma hijabi ko mayafi mai irin wannan kalar yafi. Turare a bar shi a ɗaki, na san da wuya a wajen mutanenmu amma hancin giwa da ɓauna yafi idonsu aiki nesa ba kusa ba. In lokacin hunturu ne ku ɗauki rigar sanyi domin budaɗɗiyar mota da asuba sanyi ne sosai, da ɗan ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura.

Ruwan sha kowane mutum ya riƙe aƙalla lita ɗaya da rabi a kowace fita, a bazara ma fiye. Ku taho da tsabar kuɗi domin sabis ɗin waya ba abin dogaro bane a cikin daji, taransifa tana iya ƙin tafiya. Ku cika tanki tun daga Bauchi, ku duba safaya, ku taho da abin cajin waya na hannu, tocila, maganin sauro da duk maganin da wani yake sha kullum. Idan zaka iya aro ko sayen madubin hangen nesa to shine abinda yafi komai canza tafiyar, ko guda ɗaya ne ku dinga karɓa karɓa, domin yawancin dabbobin da zaka gani suna nesa ne kuma kyamarar waya idan ka jawo hoto sai ya fashe ya zama ɗigo kawai.

A cikin mota magana ƙasa ƙasa, waya a kashe mata ƙara, ba kiɗa, ba tafi ko fito dan dabba ta juyo. Ba'a sauka sai ɗan rakiya yace a sauka, kuma ba'a shiga daji babu shi ko da motarka ce. Ka dinga kallon cikin bishiyoyi ba samansu ba, kana neman motsi, kaɗawar kunne ko wutsiya, ko wani layi a kwance a inda komai yake tsaye, sau da yawa bayan dabba ne. Ka kuma dinga tambayar ɗan rakiya abinda yake karantawa a ƙasa. Kashin giwa idan yana da danshi da sheƙi ƙudaje na kansa to bata daɗe da wucewa ba, idan ya bushe ya wargaje kwana ya shiga tsakani. Reshen da aka karya idan cikinsa fari ne ɗanye ganyen bai yi yaushi ba to suna kusa. Gwaggon biri idan ya hau sama yana wani irin haushi yana kallon gefe ɗaya to ya ga abinda ya tsorata shi.

Idan kuka haɗu da giwa, ku bata hanya, kar mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta, kar kuma a tare mata hanyar ruwa. In ta baza kunnuwa ta ɗaga kai tana girgiza shi ko ta tako 'yan taku da ƙarfi ta tsaya to gargaɗi take yi cewa kun matso da yawa, direba ya ja baya a hankali ba tare da ihu ba. Kar wanda ya matsa wa direba ya ƙara matsawa saboda hoto. A sansani kuma gwaggon biri sune abin lura, sun saba da mutane har sun daina tsoro, suna fizge leda a hannu suna shiga ɗaki ko mota in an bar ta a buɗe, dan haka a kulle ƙofa da taga, kar a ba yaro abinci ya fita dashi waje shi kaɗai, kuma dan Allah kar a basu abinci, bayarwar ce ta lalata su tun farko.

Me zaka gani tsakani da Allah

A nan nake so mu yi gaskiya da juna. Abinda muke gani a talabijin na dubban dabbobi suna tsallaka kogi zaki yana binsu, wannan Serengeti ne a Tanzaniya da Masai Mara a Kenya, fili ne fetal na gajeriyar ciyawa da ido yake kaiwa nesa, ƙaurar dabbobin can ta haura miliyan kuma suna tsallaka kogin Mara ne tsakanin Yuli da Oktoba, sannan masu ɗaukar fim ɗin watanni suke yi a daji kafin su haɗa maka abinda zaka kalla cikin awa ɗaya. Yankari dajin bishiyoyi ne, dabbobinsa basu kai wannan yawan ba kuma sun sha wahalar mafarauta shekara da shekaru dan haka suna da tsoron mutum.

Abinda kusan tabbas zaka gani ko wane lokaci kaje shine gwaggon biri da mugun dawa, waɗannan har cikin sansani suke yawo. Da rani idan ka fita a lokutan da na faɗa akwai kyakkyawar damar ganin gwambaza, mazo, jan biri, kada, da tsuntsaye iri iri. Ɓauna da gwanki da kanki da dorina suna nan amma sai an dace, wata fitar a gani wata a rasa. Giwa ita ce kowa yake nema, ƙiyasin ƙungiyar kare namun daji ta WCS ya nuna tsakanin 100 zuwa 150 ne suka rage, kuma suna daga cikin mafi yawan da suka saura a Najeriya. Ka auna wannan adadin da faɗin dajin, kuma ka tuna a garke suke tafiya ba a warwatse ba, ma'ana ko ka gansu da yawa lokaci guda ko kar ka ga ko ɗaya. Mutum zai iya yin komai daidai ya kwana biyu bai gansu ba, wannan yana faruwa. Zaki kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai suka rage kuma da dare suke yawo, kar ka yiwa yara alƙawarinsa ko kusa, idan ka ji kukansa daga nesa da daddare ko aka nuna maka sawunsa da safe to ka samu rabo babba. Raƙumin dawa da jakin dawa kar ka neme su a nan, in su yara suke so to Sumu ne a ƙaramar hukumar Ganjuwa, nan cikin jihar Bauchi, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya.

Tsuntsaye kam ina jin takaicin yadda ake wuce su ba'a kallo. An lissafa sama da iri 350 a Yankari, burtu yana takunsa a ƙasa, gaggafa tana shawagi, zalɓe a bakin ruwa, zabin daji da fakara suna ratsa hanya, da wasu ƙanana masu kalar da baka taɓa gani ba. Wanda ya sa ido akansu babu fitar da zata zame masa asara, kuma yara suna saurin kamuwa da son su idan aka basu takarda suna rubuta duk wanda suka gani.

Ga yadda tsarin zai kasance a aikace

Mu ɗauka magidanci ne daga Kano da matarsa da yara uku, a satin ƙarshe na Fabrairu. Sati biyu kafin tafiya ya kira ya kama ɗaki na kwana biyu ya kuma yi maganar motar daji ta su kaɗai. Ranar Talata su bar Kano ƙarfe shida da rabi na safe ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, tafiyar kusan kilomita 300 ce zuwa Bauchi, su isa kafin azahar, su ci abinci su sha mai su sayi ruwa katan biyu da burodi da kayan shayi, ƙarfe ɗaya su kama hanyar Dindima. Daga ƙofar Mainamaji zuwa Wikki a tafi a hankali ana kallon gefen hanya domin an riga an shiga daji, wani lokacin tun a nan ake fara gani. Wajen uku suna sansani. In jiki da ƙarfi su yi fitar yamma, in yara sun gaji a barta a yi wanka a Wikki, amma maigida ya nemi ɗan rakiyar gobe tun yau su gaisa ya tambaye shi ina aka ga giwa a kwana biyun nan, su tsayar da lokacin fita.

Laraba ita ce ranar aiki. Fitar safe daga shida da kwata zuwa tara da rabi ta bakin Gaji, a dawo a karya a huta, azahar da la'asar a sansani, ƙarfe huɗu saura a sake fita a zauna a mashaya har gab da magariba. Idan akwai sha'awar wuraren tarihi irin kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, a sa su a ƙarshen fitar safe lokacin da rana ta fara zafi, kar a ɓata musu awar farko. Alhamis a sake sammako, kuma wannan fitar ta ƙarshe a tsara ta akan abinda aka rasa, in ba'a ga giwa ba a bi labarin da ya shigo daren jiya, in an gani to a nemi ɓauna ko dorina. Ƙarfe goma a dawo a haɗa kaya, a sallami ɗan rakiya da direba da ɗan alheri domin idonsu ne ya nuna muku yawancin abinda kuka gani, sha ɗaya a kama hanya dan a shiga Kano da sauran rana.

Idan yaran basu kai shekara biyar ba a rage fitar zuwa awa biyu, zaman mota shiru awa uku yafi ƙarfinsu kuma kukan yaro ɗaya ya isa ya tashi garke daga mashaya, gara uwa ko uba ɗaya ya zauna da ƙaramin a sansani a fitar safe sai a yi canji da yamma.